Aike Kyauta, Canji Da Tsada: Inda Kuɗin 'Yan Ci-rani Ke Zurarewa

"Aika kyauta, ba ma cirar ko kwabo." Duk wanda ya zauna a ƙasar waje yana tura wa gida ɗan abin cefane ya san wannan talla. Ana liƙa ta a ƙofar shagunan aike, tana kuma faɗo wa mutum a waya ko bai nema ba. A zahiri kamfanin bai yi ƙarya ba, domin in ka duba rasit za ka ga an rubuta sifiri a gurbin ladan aike. Sai dai kamfanin nan yana biyan haya, yana biyan ma'aikata, yana biyan lasisi a ƙasar da ka ba shi kuɗi da ƙasar da zai biya iyalinka, kuma ba don Allah da Annabi ya buɗe shago ba. Dole akwai inda yake ci.

Aiken kuɗi daga wata ƙasa zuwa wata farashi biyu gare shi. Na farko shi ne ladan aike, wanda wasu ke kira caji ko kamasho. Shi a fili yake, ana faɗa maka, kana iya yin ciniki ko ka juya ka tafi. Na biyu yana cikin farashin canji, wato naira nawa ko sefa nawa za a lissafa maka a kan kowane riyal, fam, yuro ko dala. Wannan na biyun ba ya fitowa a rasit da sunan caji, kuma sau da yawa ya fi na farkon girma. Mai aike ba ya jin zafinsa tunda ba a ce ya ƙaro komai ba. Mai karɓa ma ba ya ji, shi dai alat ya shigo, ya yi godiya, bai san nawa ya kamata ya shigo ba. Tsakanin rashin sanin mutum biyu ne kuɗin ke zurarewa.

Farashi uku na kowane kuɗi

Wanda ya taɓa shiga Wapa a Kano ya ce "nawa kuke yin dala yau?" ya san amsar da zai fara ji tambaya ce: "Saye za ka yi ko sayarwa?" Ɗan canji yana da farashin da yake saye da farashin da yake sayarwa, tazarar da ke tsakani ita ce abincinsa. Haka yake a kasuwar manyan bankunan duniya, illa dai su tazararsu siririya ce ƙwarai saboda miliyoyi suke juyawa. In aka ɗauki tsakiyar farashin saye da na sayarwa a wannan babbar kasuwa, shi ne ake kira farashin tsakiya. Shi ne ma'aunin da ake gwada kowane kamfanin aike da shi. Ƙaramin mai aike ba kasafai yake samun wannan farashi cif ba, amma da shi zai gane nisan da aka kai shi.

Gano shi ba wuya. Mai waya yana iya rubuta `SAR to NGN` ko `GBP to NGN` a Google, ko ya duba farashin da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa na kowace ranar kasuwa. Ga wanda ke Saudiyya ma akwai sauƙi na musamman: tun 1986 riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya. Dirhamin Daular Larabawa shi ma a ɗaure yake, 3.6725 dala ɗaya. Saboda haka in ka san nawa dala take a naira yau, sai ka raba da 3.75, ka sami ainihin ƙimar riyal ɗinka.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi, amma yadda abin ke tafiya haka yake.

A ce wani direba ne a Jidda, duk wata yana ware riyal 750 ya tura wa mahaifiyarsa a Katsina. Riyal 750 dala 200 ke nan daidai. A ce a ranar dala tana naira 1,500 a farashin tsakiya, riyal ɗaya ya zama naira 400. Da babu mai cin komai a hanya, naira 300,000 za ta isa Katsina. Wannan adadi shi zai riƙe a kansa kafin ya shiga kowane shago ko ya buɗe kowace manhaja.

Kamfani na farko ya ce ladansa riyal 15, kuma yana yin riyal a naira 396. In aka cire 15 daga 750 saura 735. A ninka da 396, abin da zai shiga asusun Hajiya naira 291,060. An rasa naira 8,940 a hanya, kimanin kashi 3 cikin ɗari.

Kamfani na biyu shi ne mai tallar kyauta. Ba ya cirar komai, amma yana yin riyal a naira 380. Riyal 750 sau 380, naira 285,000. An rasa naira 15,000, kashi 5 cikin ɗari cif.

Ashe mai kyautar ya fi tsada da naira 6,060 a aike ɗaya. Direban ya fito yana murna ya tsira da riyal 15, wato naira 6,000, alhali an zare masa 15,000 ta ƙasa. In ya ci gaba a haka wata goma sha biyu, bambancin kamfanonin biyu kaɗai ya kai naira 72,720, kusan rubu'in abin da yake aikawa a wata guda. Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne ido ba ya ganin girman tazarar 396 da 380. Naira goma sha shida ce kawai, me za ta yi? Amma goma sha shida ce a kan kowane riyal ɗaya, sau ɗari bakwai da hamsin.

Wani zai ce to shi ke nan, a guji masu kyauta. Ba haka lissafin ya ce ba, kuma nan ne ya kamata a natsu. Ladan aike yawanci tsayayye ne, ko kaɗan ka tura ko da yawa riyal 15 ɗin ce. Ribar canji kuwa tana girma ne tare da kuɗin. A ce tsakiyar wata ƙaninsa ya kira: "Yaya, maganin Hajiya ya ƙare, ko riyal ɗari biyu a taimaka." A kamfani na farko, 200 a cire 15 saura 185, sau 396, naira 73,260. A na biyu, 200 sau 380, naira 76,000. Wannan karon mai kyautar ne ya fi. Da waɗannan farashi, kamfanonin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen riyal 370. Ƙasa da nan mai kyauta ya fi araha, sama da nan mai lada ya fi, kuma tazarar tana ta buɗewa. Ranar da direban ya tara riyal 3,000 don a ɗora rufin ɗaki, na farko zai kai naira 1,182,060, na biyu 1,140,000. Naira 42,060 ta tafi a aike guda, kuma a irin wannan babban aike ne mutane suka fi ruɗuwa da kalmar kyauta.

Saboda haka babu kamfanin da za a ce shi ne mai araha har abada. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama, kuma ita ya kamata a yi wa kowane mai aike: in na ba ka wannan kuɗi gaba ɗaya, har da ladanka da harajin da ke kansa, nawa za su shiga hannun mutumina? A kwatanta amsoshin a rana ɗaya, in da hali a awa ɗaya, don farashi yana motsi. Maganar haraji ba ƙari ba ce: a Saudiyya harajin sayen kaya da hidima kashi 15 ne cikin ɗari tun 2020, kuma ana ɗora shi a kan ladan aike, sai lada na riyal 15 ya koma 17.25 a wurin biya.

Me ya sa suke cin riba a canji?

Adalci ne a faɗi cewa ba duk tazarar ce zalunci ba. Kuɗin da ka miƙa a Jidda ba su ne ke tashi su sauka Katsina cikin minti biyu ba. Kamfanin ya riga ya sayi naira ya jibge a wani banki a Najeriya, ko ya yi yarjejeniya da wanda ya jibge, daga nan ake biyan mahaifiyarka. Riyal ɗinka sai daga baya za a tattara shi da na dubban mutane a mai da shi dala a sake sayen naira. Ajiye naira kuwa kasada ce. A ƙarshen Janairun 2024, cikin 'yan kwanaki, dala ta tashi daga wajen naira 900 zuwa sama da 1,400 a kasuwar hukuma. Duk wanda ya kwana da tarin naira a wannan mako ya wayi gari da asara. Kamfanoni suna faɗaɗa tazara don kare kansu daga irin wannan, shi ya sa kuɗin da ke yawan tangal-tangal ya fi tsadar aike. Wasu ma suna ƙara tazarar a ƙarshen mako, lokacin da babbar kasuwar canji ke rufe. Ga kuma kuɗin tantance masu aike saboda dokokin hana safarar kuɗin haram, ga rabon wakilin da ya karɓa da bankin da ya biya.

Abin da ba na yarda da shi ba ribar ba ce, ɓoye ta ne. Mai awo da ya bar farashin mudu yadda yake amma ya bubbuge gindin mudun ya san abin da yake yi: ya san mai saye farashi yake tambaya, ba ya auna kwano. Kamfanin aike zai ce shi mudunsa a fili yake, ga farashin canji nan a rubuce. Gaskiya ne, amma bai ajiye cikakken mudu kusa da shi ba, kuma ya rubuta "kyauta" da manyan baƙaƙe a sama. Ma'aikacin da ya wuni yana tuƙi ko 'yar aikin da ta sami awa ɗaya ta fita ba su da lokacin neman farashin tsakiya, kuma an san haka lokacin da ake tsara tallar.

Bankin Duniya ya gane wannan tuntuni. Tun 2008 yake bin diddigin tsadar aike tsakanin ƙasashe, yana gwadawa da dala 200, kuma ba ya yarda da lada kaɗai, sai ya haɗa da ribar canji. A 'yan shekarun nan matsakaicin duniya yana ɗan sama da kashi 6 cikin ɗari. Afirka kudu da Sahara ita ce yankin da ya fi kowane tsada, a 2023 tana kusan kashi 8. Bankuna su ne mafi tsada a cikin masu aike, a 2023 suna wajen kashi 12, yayin da aike ta manhajar waya ya fi sauƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa buri a 2015 cewa kafin 2030 a sauko da tsadar ƙasa da kashi 3, kada kuma a bar wata hanya da ta wuce kashi 5. Har yanzu da sauran tafiya. Najeriya ta karɓi kimanin dala biliyan 19.5 daga 'ya'yanta na waje a 2023, fiye da sulusin abin da ya shigo yankin gaba ɗaya. Kashi ɗaya tak cikin ɗari na wannan adadi ya kusa dala miliyan 200, kuma daga kuɗin makaranta da na asibiti da na buhun masara ake yankarsa.

Lokacin da naira ke da farashi biyu

Akwai shekarun da babbar ɓarakar ba daga kamfanonin take ba, daga tsarin canjin Najeriya take. A ƙarshen 2020 farashin hukuma yana wajen naira 380 a dala, na 'yan canji yana wajen 480. Wanda ya tura dala 200 ta halastacciyar hanya aka biya iyalinsa da naira a farashin hukuma, 76,000 suka karɓa, alhali a kasuwar bayan fage kuɗin sun kai 96,000. Kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, kuma babu rasit ɗin da ya nuna shi, domin a kan takarda kamfanin bai kauce wa farashin hukuma ba. Mutane ba wawaye ba ne, suka kauce wa hanyar. A wannan shekara kuɗin da aka rubuta sun shigo Najeriya sun faɗi da fiye da rubu'i, zuwa kimanin dala biliyan 17, kuma Bankin Duniya ya danganta babban ɓangaren faɗuwar da wannan tazara, ba annobar korona kaɗai ba.

Babban Bankin Najeriya ya yi ta sauya dabara. A ƙarshen Nuwamban 2020 ya ce a riƙa biyan masu karɓa da dala, su kai inda suka ga dama. A Maris na 2021 ya ƙara da tukuicin naira 5 a kan kowace dala da aka karɓa ta hanyar hukuma. A Yunin 2023 aka haɗe kasuwannin canji na hukuma aka saki naira. A ƙarshen Janairun 2024 aka koma biya da naira, aka kuma cire iyakar da aka gindaya wa kamfanonin aike a kan farashin da za su bayar. Bayan haka tazarar hukuma da 'yan canji ta tsuke sosai. Wannan ya yi wa mai aike daɗi ta fuska ɗaya, amma ya ɗora masa aiki ta wata fuskar: tunda kowane kamfani yana yanka nasa farashin, bambanci tsakaninsu na iya zama babba, kuma ba mai duba maka sai kai. Duk lokacin da aka ga tazarar hukuma da kasuwa ta sake buɗewa, a san cewa adadin da Google ke nunawa bai isa ma'auni shi kaɗai ba, sai an haɗa da abin da 'yan canji ke yi a ranar.

Mutanen Nijar da ke Turai suna da wata dama da 'yan Najeriya ba su da ita. Tun 1999 sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 yuro ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Yuro 200 sefa 131,191 ce, jiya da yau da gobe. Wanda ke Faransa ko Beljiyam yana turawa Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar duba komai, wannan adadi ɗaya zai haddace. In ya ga an yi masa lissafi a 640, za a kai 128,000, an ci sama da jika uku ke nan, kuma babu wata kasadar canji da za a kafa hujja da ita. Haka yake ga sefar Kamaru da Cadi, ita ma ƙimarta ɗaya a kan yuro. Amma mai turo dala ko riyal zuwa Nijar bai da wannan kwanciyar hankali, domin dala da yuro suna motsi a tsakaninsu, sai ya duba na ranar.

Hanyar banki da hanyar hannu

Mutane da yawa suna ɗauka banki zuwa banki ya fi aminci, saboda haka ya fi dacewa. Ga babban kuɗi na kasuwanci yana iya zama haka. Ga dala 200 kuwa ita ce hanya mafi ciwo. Bankinka na waje ba lallai ne yana da hulɗa kai tsaye da bankin garinku ba, sai saƙon ya bi ta wani banki na tsakiya, wani lokaci biyu, a Amurka ko Turai, kowanne kuma yana iya yankar nasa, dala goma, ashirin ko fiye. A takardar aike ta SWIFT akwai gurbi mai zaɓi uku da ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba. `OUR` na nufin mai aike ya ɗauki dukkan caji. `SHA` na nufin ya biya na bankinsa, sauran a cire daga cikin kuɗin. `BEN` na nufin a cire komai daga kuɗin mai karɓa. Wanda ya biya dala 25 a bankinsa aka kuma yanke 15 a hanya ya kashe dala 40 don isar da abin da bai kai 200 ba, tun ba a zo maganar canji ba. Sannan in dala ta sauka a asusun naira, bankin da ya karɓa ne zai canza ta a farashin da ya ga dama, ba wanda ya tambaye ka. Alamar an bi da kai ta nan ita ce kuɗin su iso da guntun adadi wanda ba ya kama da abin da aka tura, bayan kwana biyu ko uku.

A ɗaya gefen akwai tsohuwar hanyar da Hausawa suka sani tun kafin manhaja: ka ba wani ɗan gari riyal a Makka ko Jidda, ya buga waya, ɗan'uwansa a Kano ya tura naira. Shi ma kuɗin ba sa tafiya, ana dai rama wa juna ne da kuɗin 'yan kasuwa da masu zuwa Umara da ke neman riyal. Ga wanda ba shi da igama, sau da yawa wannan ce kaɗai ƙofar da ke buɗe, tunda kamfani mai lasisi ba zai karɓi kuɗinsa ba tare da shaidar zama ba. Masu wannan sana'a ba su cika karɓar lada ba, duk cinsu a canji yake, don haka lissafin da muka yi a sama ya hau kansu daidai. A zamanin farashi biyu sun fi kamfanoni biya nesa ba kusa ba. Yanzu da tazarar ta tsuke, fifikon ya ragu, kasadar kuwa tana nan: babu rasit, babu inda za a kai ƙara in mutum ya ɓace, aike ba da lasisi ba laifi ne a Saudiyya da ƙasashe da yawa, kuma nairar da aka turo wa mahaifiyarka daga asusun wanda ba ka sani ba take fitowa. In kuɗin zamba ne suka ratso ta nan, asusunta ake rufewa, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ko a cikin kamfanoni masu lasisi akwai wasu ramuka biyu da suka cancanci a sani. Ɗaya shi ne farashin maraba. Manhajoji da dama suna ba sabon shiga farashi mai kyau ƙwarai a aikensa na farko, wani lokaci har ya zarce na tsakiya, daga na biyu sai a koma na kullum. Mutum ya gwada sau ɗaya, ya gamsu, ya shekara bai sake dubawa ba. Hanyar ganewa ita ce a duk aike a ɗauki nairar da ta isa a raba da dukan abin da aka biya, a rubuta a gefe tare da farashin tsakiya na ranar. In tazarar ta fara da naira biyu ta koma goma sha biyar, an gama maraba da kai. Na biyun shi ne ko farashin da aka nuna maka a kulle yake ko ƙiyasi ne. In an rubuta ainihin nairar da za a karɓa, an kulle. In an ce za a lissafa a farashin ranar biya, kasadar ta dawo kanka, kuma ba ka da abin kamawa.

Bayan alat ya shigo ma ba a gama ba. A ƙauyen da babu banki, sai an je wurin mai na'urar cirar kuɗi, shi ma da nasa. Naira 100 a kan kowace 5,000, wanda aka saba ji a wurare da yawa, kashi 2 ne cikin ɗari, ya kusa abin da kamfani na farko ya ci tun daga Jidda. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, cajin ya kai kashi 10 har 20 a garuruwa da dama. Iyalin da ke iya biyan mai shago ko makaranta ta tura kuɗi kai tsaye daga asusu, ko su ciri kuɗin a dunƙule maimakon gutsi-gutsi, sun toshe wannan ɓaraka. Mai aike kuma ya dace ya riƙa tambaya a fili: "Nawa suka shigo, nawa kuka riƙe a hannu?" Kunya tana hana iyaye faɗin adadi, ɗa kuma yana ganin tambayar kamar gori ce, alhali ba tare da wannan adadi ba babu yadda zai san hanyar da yake bi tana da kyau ko ba ta da shi.

A Amurka doka ta shiga maganar. Tun Oktoban 2013 wajibi ne kamfanin aike ya nuna wa mutum, kafin ya biya, farashin canji da lada da haraji da adadin da za a karɓa a can. Mai aike yana da minti 30 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa muddin ba a riga an karɓa ba, yana kuma da kwana 180 ya kai kuka in an sami kuskure. Mazauna can su kuma lura cewa daga 1 ga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 cikin ɗari a kan aiken da aka biya da tsabar kuɗi, wanda bai shafi wanda aka biya daga asusun banki ba. Amma ko wannan doka ta Amurka ba ta tilasta wa kamfani ya ce ga farashin tsakiya, ga nawa na ɗora a kai ba. Layi ɗaya ne ya rage a rasit: riyal kaza ko dala kaza muka ci a canji. Babban Bankin Najeriya shi ke ba kamfanonin aike izinin biya a ƙasar, Babban Bankin Ƙasashen Yammacin Afirka da ke Dakar shi ke kula da harkar a Nijar da sauran ƙasashen sefa na yamma, kuma kowannensu yana da ikon sa wannan layi cikin sharuɗɗan da yake gindaya wa masu biyan kuɗin aike a ƙasarsa.